Yadda ake lissafin kwaltar da mota za ta ci kafin ta sha gaban tirela

Kwanakin baya na shiga wata Golf ta haya tsakanin Gumel da Haɗeja, ina gidan gaba. Muka tarar da tirela maƙare da buhuna tana tafe a hankali, direbanmu ya leƙo sau biyu yana komawa, a na uku ya fita. Can gaba akwai wata mota tana tahowa, ƙarama a ido kamar gidan ashana. Na ce, "Malam direba, anya za mu isa?" Ya ce, "Haba Alhaji, tirelar nan nawa take? Taku ashirin ne." Mun isa, amma sai da mai tahowar ya sauka gefen kwalta yana danna mana hon, wata dattijuwa a baya tana ta salati.

Direban bai yi ƙarya ba, tirelar ba ta wuce taku ashirin da ɗoriya ba. Inda ya kuskure shi ne ya auna tsawon tirelar kamar a tsaye take. Tirelar da ke tafiya, kana cin kwalta tana ci, kuma abin da kake rage mata a kowane sakan shi ne kawai rarar gudun da ka fi ta. Saboda haka tafiya biyu ce ake lissafawa, ba ɗaya ba: akwai tazarar da za ka cinye tsakaninka da tirelar, akwai kuma kwaltar da tayoyinka za su taka kafin ka gama cinye ta. Ta biyun takan ninka ta farkon sau huɗu, sau goma, wani lokaci fiye. Ga yadda ake fitar da su, da misali guda da za mu bi daga farko har ƙarshe.

Misalin namu: Golf mai tsawon mita 4 tana gudun kilomita 72 a awa, tirela mai tsawon mita 16 tana gudun kilomita 54 a awa, a hanyar da ba tagwaye ba, wato dole ka shiga hannun masu tahowa kafin ka wuce.

Mataki na farko: mayar da gudu zuwa mita a sakan

Malejin mota yana magana ne da kilomita a awa, alhali shan gaba ba ya kai awa, ba ya kai kilomita. Abu ne na mitoci da sakanni. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya sakan 3,600 ce, don haka idan ka raba gudun da ke kan maleji da 3.6 za ka sami mitocin da motar ke ci a kowane sakan.

```
72 ÷ 3.6 = 20
54 ÷ 3.6 = 15
```

Golf tana cin mita 20 a sakan, tirela tana cin mita 15. Na zaɓi 72 da 54 ne da gangan don suna rabuwa ba saura. Duk lambar da ke cikin jerin 18, wato 18, 36, 54, 72, 90, 108, tana ba da 5, 10, 15, 20, 25, 30. Wanda ya haddace wannan jerin ya huta da kalkuleta.

Mataki na biyu: fitar da ratar gudu

Tunda hanya ɗaya kuka nufa, ɗebewa ake yi: 20 a cire 15, saura 5. Ratar gudunku mita 5 ce a sakan, wato kilomita 18 a awa.

A dakata a nan kaɗan, domin wannan ce zuciyar maganar. Ka ɗauka kai ne yaron mota, kana zaune a saman lodin tirelar kana kallon baya. A wurinka tirelar ba ta motsi, buhun da kake kai yana nan inda yake. Golf ɗin da ke biyo ku kuwa ba za ka gan ta tana sheƙa gudun 72 ba, za ka ga tana matsowa ne da gudun 18, kwatankwacin mai keke da ya ɗan dage. Wannan gudun da yaron mota yake gani shi ne ratar gudu, kuma shi kaɗai ne yake yin aikin wucewa. Sauran 54 ɗin da Golf take yi, biyan bashi ne kawai don kada tirelar ta tsere mata.

Da motocin fuskantar juna suke yi, tarawa za a yi maimakon ɗebewa. Za mu buƙaci wannan a mataki na biyar.

Mataki na uku: tara tazarar da za a cinye

A nan ne aka fi yin kuskure, har a ɗakin jarrabawa. Shan gaba ba ya farawa daga lokacin da hancin motarka ya zo daidai da wutsiyar tirela, kuma ba ya ƙarewa lokacin da hancinka ya zo daidai da kanta. Yana farawa ne daga inda ka bar hannunka, yana ƙarewa inda ka dawo cikinsa. Abubuwa huɗu ne ake tarawa.

Na farko, tazarar da ke tsakanin hancin motarka da bayan tirelar lokacin da ka fita. Mu ce mita 20. Na biyu, tsawon tirelar, mita 16. Na uku, tsawon motarka, mita 4, domin ba hancinka ne kaɗai zai wuce ba, sai bayan motar ma ya fita daga gaban kan tirelar. Wannan shi ake yawan mantawa. Na huɗu, tazarar da za ka bari tsakanin bayanka da gaban tirelar kafin ka karyo sitiyari ka dawo dama, ita ma mu ce mita 20. Alamarta a aikace ita ce ka ga gaban tirelar gaba ɗaya a madubin tsakiya. Wanda ya yanko gaban tirela mai lodi da ƙasa da haka yana wasa da rai, don birkinta ba ya kama ta nan take.

```
20 + 16 + 4 + 20 = 60
```

Mita 60 ke nan. Tirelar taku ashirin ta riga ta koma kusan ninki huɗu tun ba mu sa ta a tafiya ba.

Wani zai ce mita 20 ta yi kaɗan, kuma yana da gaskiya. Ƙa'idar barin sakan biyu tsakaninka da na gabanka tana ba da mita 30 a gudun 54. Wanda ya bar 30 a baya da 30 a gaba, tasa tazarar mita 80 ce. Na ɗauki 20 ne saboda ita ta fi kusa da abin da direbobi ke yi a hanya, ba don ita ce mafi aminci ba.

Mataki na huɗu: lokaci, sannan kwalta

Lokacin da za a ɗauka shi ne tazarar da za a cinye a raba da ratar gudu. Mita 60, ana rage 5 a kowane sakan:

```
60 ÷ 5 = 12
```

Sakan 12 kana hannun da ba naka ba. Ka ɗan ajiye karatun nan ka ƙirga sakan goma sha biyu a agogo, ka ji tsawonsa.

Yanzu sai a koma ga gudun gaskiya, ba ratar ba. A cikin sakan 12 ɗin nan Golf ba mita 5 take ci a sakan ba, mita 20 take ci a kan kwalta:

```
20 × 12 = 240
```

Amsar ita ce mita 240. Don a tabbatar ba a yi kuskure ba, a lissafa ta tirelar: 15 sau 12, mita 180. A cire 180 daga 240, saura 60, daidai da tazarar da muka tara a mataki na uku. Idan wannan ɗebewar ba ta dawo maka da lambar da ka fara da ita ba, akwai inda lissafin ya karkace, kuma galibi an haɗa kilomita a awa da mita ne ba a raba da 3.6 ba, ko an ninka lokaci da ratar gudu maimakon gudun motar.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda kwaltar kawai yake nema. Ka raba gudunka da ratar gudunku, abin da ya fito ka ninka shi da tazarar. A nan ba ka ma buƙatar 3.6, domin ma'aunin sama da na ƙasa iri ɗaya ne, suna kashe juna.

```
72 ÷ 18 = 4
4 × 60 = 240
```

Ni wannan 4 ɗin nake kira ninki, kuma ita ce lambar da ta fi cancanta direba ya riƙe a ka. Tana gaya maka cewa kowace mita ɗaya da kake son ka ƙwace daga tirelar, sai ka biya ta da mita huɗu na kwalta.

Duba yadda ninkin yake sauyawa. Idan tirelar ba 54 take yi ba, 66 take yi, ratar ta koma 6 kacal. 72 a raba da 6, ninki 12. Kwalta ta zama mita 720, lokaci sakan 36. Ƙarin kilomita 12 a gudun tirelar ya ninka tafiyarka sau uku. Shi ya sa idan tirela ta ce za ta wuce 'yar'uwarta sai ka ga sun jera kafaɗa da kafaɗa sun tare hanya kusan minti guda, kowa a baya yana tsaki: ratar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, ga su kuma dukansu dogaye.

Ta ɗaya ɓangaren, idan ka ɗaga zuwa 80 tirelar tana kan 54, ratar 26 ce, kwalta ta sauko kusan mita 185, lokaci sakan 8 da ɗan kai. A nan dai iyakarka take, don dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa ƙananan motoci kilomita 80 a awa a irin wannan hanya.

Wani abin lura kuma: rata ɗaya ba ta nufin kwalta ɗaya. Mai gudun 108 da zai wuce mai gudun 90, ratarsu 18 ce, kamar tamu. Lokacinsu sakan 12 ne, kamar namu. Amma shi mita 30 yake ci a sakan, don haka kwaltarsa mita 360 ce. Rata ce ke yanke lokaci, gudunka ne ke yanke nisa.

Mataki na biyar: saka mai tahowa a lissafi

Mita 240 ɗin nan taka ce kai kaɗai. Hanyar da kake buƙatar gani a buɗe ta fi haka nesa ba kusa ba, domin wanda ke tahowa ba jiranka yake yi ba. Sakan 12 ɗin da kake yi a hannunsa, shi ma yana cin kwalta zuwa gare ka.

Mu ce yana gudun 90. Kada ka lissafa masa gudun doka, lissafa masa gudun da ka san mutane suna yi. 90 a raba da 3.6, mita 25 a sakan. A sakan 12 zai ci mita 300. A tara da taka 240, mita 540. Wato idan lokacin da ka fita yana da nisan mita 540 daga gare ka, daidai lokacin da kake dawowa hannunka zai iso inda kake. Wannan ba tsira ba ce, gogayya ce.

Sai a ƙara rarar lokaci, aƙalla sakan biyu. Tsakaninka da shi tarawa ake yi: 20 da 25, kuna kusantar juna da mita 45 a kowane sakan. Sakan biyu mita 90 ke nan.

```
240 + 300 + 90 = 630
```

Mita 630. Filin ƙwallo na manyan wasanni yana da tsawon kusan mita 105, don haka filayen ƙwallo shida ne a jere, domin wuce tirela guda mai mita 16. Idan kwana ko tudu ya ɓoye maka abin da ke cikin wannan nisan, ka ɗauka akwai mota a can. Haka idan hazon hunturu ya sauko har ba ka ganin abin da ya wuce mita ɗari biyu ko uku: lissafin ya riga ya ba ka amsa, hanyar da kake gani ko rabin abin da kake buƙata ba ta kai ba.

Abin da ke yaudarar ido shi ne motar da ke nesa tana tahowa kai tsaye ba ta nuna gudunta. Daga mita 600 zuwa 400 girmanta a ido kaɗan yake ƙaruwa, sai ta kusa ne take kumbura farat ɗaya. Mai gudun 60 da mai gudun 120 kusan kamarsu ɗaya daga nesa. Da dare abin ya fi muni, fitila kawai kake gani, kuma fitila guda ɗaya ba lallai babur ba ne, tana iya zama babbar mota ce da ido ɗaya ya mutu.

Inda lissafin takarda yake gaza

Duk abin da muka yi a sama ya ɗauka cewa tun da ka fita kana kan 72. Wannan yana faruwa ne kawai idan ka hango hanya a buɗe tun daga nesa, ka taho da gudunka ka zarce. Amma sau da yawa ba haka ake yi ba. Kana maƙale a bayan tirelar kuna tafiya tare a 54, sannan ka sami dama ka fita. A wannan lokacin ratar gudunku sifiri ce, sai ka gina ta da totur.

Mu ce motar tana ƙara mita 1 a sakan cikin kowane sakan. Daga 15 zuwa 20 sakan 5 ke nan. A cikin wannan sakan biyar ratar tana hawa ne daga 0 zuwa 5, matsakaicinta 2.5, don haka abin da ka ƙwace daga tirelar mita 12.5 ne kawai. Saura 47.5 daga cikin 60 ɗin, kuma da ratar 5 za su ci sakan 9.5. Jimla sakan 14.5. Kwaltar kuwa ga hanya mafi sauƙi ta fitar da ita: tafiyar tirelar a tara da tazarar. 15 sau 14.5 mita 217.5 ne, a ƙara 60, mita 277.5.

Yanzu ka cika Golf ɗin da fasinja, but ya ƙi rufuwa saboda kaya an ɗaure shi da igiya, direba kuma ya bar ta a giya ta biyar. Ƙarfin jan ya ragu, mu ce da rabi. Hawa zuwa 72 zai ci sakan 10, a ƙwace mita 25, sauran 35 su ci sakan 7. Sakan 17, kwalta mita 315, kuma mai tahowar nan mai gudun 90 ya ci mita 425 a wannan lokacin. Da rarar sakan biyu, hanyar da ake buƙata ta tashi daga 630 zuwa 830. Wannan ne dalilin da gogaggen direba yake ja baya kaɗan daga tirela, ya sauko giya ta huɗu ko ta uku, ya fara tara gudu tun yana cikin hannunsa, sannan ya fita. Ja da bayan yana ƙara 'yan mitoci a tazara, amma yana buɗe masa ganin gaba, kuma sakannin tara gudun yana yin su ne a inda ba mai tahowa.

Abu na biyu da ke ɓata lissafi shi ne tirelar ta sauya gudu. Ba sai direbanta ya yi mugunta ba, gangara kaɗai ta isa. Ka ce kun yi rabi, an ci mita 30 a sakan 6, sai ta hau daga 54 zuwa 63. Ratar ta faɗo daga 18 zuwa 9, wato mita 2.5 a sakan. Sauran mita 30 da za su ci sakan 6 yanzu sakan 12 za su ci. Jimla sakan 18, kwalta mita 360 maimakon 240.

Na uku, ka fita sai ka tarar tirela biyu ce, ɗaya na bin ɗaya, tsakaninsu mita 14 da ba za ta ɗauke ka ba. An ƙara maka 14 da 16, tazara ta koma 90. Ninki 4, mita 360, sakan 18. Kafin ka fita, leƙa ka ga abin da ke gaban wadda kake bi, ka kuma san gurbin da za ka koma ciki.

Yadda za ka gane kana tsakiyar abin

Ba wanda zai riƙe sitiyari yana raba 60 da 5. Lissafin a gida ake yinsa, abin da ake ɗauka zuwa hanya shi ne ma'auni. Da ratar mita 5 a sakan, hancin motarka zai bi tsawon tirela mai mita 16 daga wutsiya zuwa kai cikin sakan 3 da ɗan kai. Hakan na nufin tayoyinta suna wucewa ta tagar dama da sauri, kamar kana kan keke kana wuce motar da aka ajiye. Idan kuwa ka ga kana iya karanta rubutun da ke jikin bodinta a tsanake, ko ka ƙirga sakan uku har yanzu kana daidai tayoyin baya, ratarka ba ta kai rabin abin da ka zata ba, kuma ninkinka ya haura 8.

Tun kafin ka fita ma za ka iya gwadawa. Gudun tirelar ba ɓoyayye ba ne: ka bi ta na ɗan lokaci ba ka matsowa ba ka ja baya, abin da malejinka ya nuna shi ne gudunta. Maleji yakan ɗan ƙara a kan gudun gaskiya, amma da yake da agogo ɗaya kake auna naka da nata, ratar ba ta sauyawa sosai. Idan ya nuna 70 kuma iyakarka 80, ninkinka 8 ne, kwalta mita 480, lokaci kusan sakan 22. Irin wannan tirelar ba a wuce ta sai a doguwar miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa.

Wurin yanke shawara shi ne kafin hancinka ya kai tsakiyar tirelar. A misalinmu tsakiyarta tana mita 28 daga inda ka fara, wato 20 da rabin 16, saura 32 a gaba. Kafin nan komawa baya ta fi kusa, kuma birki ya fi totur ƙarfi nesa ba kusa ba: motar da ke ɗaukar sakan biyar kafin ta ƙara mita 5 a sakan, tana iya zubar da ninkin haka cikin sakan biyu ko uku ba tare da tayoyi sun yi ƙara ba. Ka saki totur, ka taka birki a hankali, ka duba madubi ko wani ya cike gurbin da ka bari, ka sa sigina ta dama ka koma bayanta.

Ga ɗalibin da zai gamu da wannan a takardar jarrabawa, a lura da yadda aka tsara tambayar. Idan ba a ambaci tazarar baya da ta gaba ba, tsawon motocin biyu kawai ake tarawa: 16 da 4, mita 20, a raba da 5, sakan 4, kwalta mita 80. Idan kuma ba a ba da tsawon motocin ba sam, an ce dai ɗaya tana gaba da mita kaza, to tambayar kamowa ce, tazarar da aka bayar ita kaɗai za a raba da ratar gudu. Sannan a karanta ƙarshen tambayar da kyau a ga tafiyar wa ake nema, ta mai wucewa ko ta wanda ake wucewa, domin a misalin nan ɗaya 80 ce ɗaya 60.